Yaushe ya halatta a shigar da limit cikin intagiral?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a sashen lissafi. A gwajin da muka yi an ba mu f_n(x) = n²x·e^(−nx) a kan [0,1], aka ce mu nemo limit ɗin intagiral ɗinsa. Na nuna cewa f_n(x) yana tafiya zuwa 0 a kowane x, na ce kowane f_n yana da iyaka, saboda haka bisa ƙa'idar Lebesgue amsar 0 ce. Malaminmu ya soke komai bai ba ni maki ko ɗaya ba. Jarrabawa ta matso, kuma har yanzu ban ga inda na kauce ba. Don Allah a taimaka mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminka ya yi daidai, amsar 1 ce. Amma kwantar da hankalinka, wuri guda ne ka zame, kuma idan ka gan shi da idonka ba zai sake kama ka ba.

Fara da yin intagiral ɗin kai tsaye, tunda wannan yana yiwuwa. Sa t = nx, sai n ya fice daga ciki ya koma kan iyakar sama:

```
∫[0,1] n²x·e^(−nx) dx = ∫[0,n] t·e^(−t) dt = 1 − (n+1)·e^(−n)
```

Tun n yana 10 wannan ya kai 0.9995, kuma daga nan ƙara matsawa kusa da 1 yake yi. Rabin farko na aikinka ba shi da aibi: idan ka tsayar da x guda, f_n(x) yana gangarawa zuwa 0. Ɗauki x = 0.1. Da n = 10 za ka sami kusan 3.68, da n = 100 ya sauko zuwa 0.045, da n = 1000 kuwa ya zama kusan 3.7×10^(−39), wanda kusan sifili ne. To ina faɗin da ke ƙarƙashin zanen ya tafi, har intagiral ya ƙi sauka?

Bai tafi ko'ina ba, matsawa ya yi. Ƙololuwar f_n tana kan x = 1/n, tsayinta kuma n/e ne. Da n = 10 tudun yana kan 0.1 da tsayin 3.68. Da n = 100 ya koma 0.01 da tsayin 36.8. Da n = 1000 yana kan 0.001, ya kai 368. Kullum tudun yana sirancewa sau goma yana ƙara tsayi sau goma, don haka faɗin da ke ƙarƙashinsa bai ragu ba. Kai da ka tsaya a kan x guda kana kallo, tudun ya wuce ka ya yi hagu, sai ka ga ƙasa ta lafa. Intagiral kuwa duk tazarar yake aunawa a lokaci guda, saboda haka duk inda tudun ya gudu yana cikin lissafinsa.

Yanzu ga jimlar da ta kayar da kai: "kowane f_n yana da iyaka". Gaskiya ce, amma ba abin da ƙa'idar Lebesgue take nema ba ne. Ƙa'idar tana neman fankishin guda ɗaya, g, wanda babu n a cikinsa, da ya cika sharuɗɗa biyu: |f_n(x)| ≤ g(x) ga dukkan n a lokaci guda, sannan intagiral ɗin g ya zama adadi mai ƙarewa. Ka ɗauki g a matsayin rumfa guda da aka kafa sau ɗaya, dukkan jerin ya shiga ƙarƙashinta. Abin da ka yi shi ne ka kafa wa f_10 rumfa mai tsayin 3.68, ka kafa wa f_100 wata mai tsayin 36.8, kowa da tasa. Da hakan ya wadatar, da ƙa'idar ta shafi kowane jerin fankishin marasa yankewa a kan [0,1], tunda babu ɗaya a cikinsu da ba shi da iyaka, kuma misalin da ke gabanka ya isa ya nuna cewa hakan ƙarya ne.

Zan daɗe a nan, domin wannan kuskuren ina cin karo da shi a duk zangon da na duba takardun ɗalibai, kuma na san inda yake fitowa. Akwai takardun amsoshin tsofaffin tambayoyi da ke yawo daga hannu zuwa hannu, ana ɗaukar hotonsu ana turawa a waya, ba wanda ya san wanda ya rubuta su. A cikinsu za ka ga layi guda, "bisa DCT", wato gajeren sunan ƙa'idar Lebesgue a Turanci, sai a tsallaka da limit cikin intagiral, ba a ambaci g ba balle a auna intagiral ɗinsa. Ɗalibi ya haddace wannan layin, ya ɗauka ambaton sunan ƙa'idar shi ne hujjar. Wasu masu koyar da darasin yamma ma haka suke koyarwa, suna cewa ai a jarrabawa kullum yana fitowa daidai. Yana fitowa daidai ne a tambayoyin da aka zaɓa don su fito daidai. Ran da malami ya kawo tudu mai gudu irin naka, duk wanda ya koyi abin ta wannan hanya zai rubuta 0 da cikakken ƙarfin gwiwa. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda suke rubuta g ɗin, amma su rubuta g = n/e ko g = n²x, suna ganin n a tsakiyarsa ƙuru-ƙuru ba su ji komai ba. Idan akwai n a cikin g ɗinka, ba ka sami g ba tukuna. Ni idan ina duba takarda, wannan layin nake fara nema kafin in kalli amsar ƙarshe, kuma amsar da ta yi daidai ba tare da g ba, ba na ba ta cikakken maki.

Za ka iya tambaya: ko akwai wani g mai kyau da ban nemo ba? Babu, kuma ana iya nunawa. Rubuta f_n(x) = t²·e^(−t)/x, inda t = nx. Ga kowane x a (0,1], zaɓi n ɗin da ya sa x ya faɗo tsakanin 1/(n+1) da 1/n. A nan t yana tsakanin 1/2 da 1, kuma a wannan tazara t²·e^(−t) bai taɓa yin ƙasa da 0.15 ba. Ke nan duk g ɗin da zai rufe jerin gaba ɗaya dole ya kai aƙalla 0.15/x a ko'ina. Intagiral ɗin 1/x kuwa ba ya ƙarewa a kusa da sifili. Wannan ita ce dabarar da nake so ka riƙe: ka tsayar da x, ka nemi mafi girman |f_n(x)| a kan dukkan n, ka ga wane fankishin x ne ya fito. Shi ne mafi ƙanƙantar g mai yiwuwa. Idan intagiral ɗinsa ya ƙare, ka tsira. Idan bai ƙare ba, ƙa'idar Lebesgue ba za ta yi maka aiki ba.

Kada kuma ka koma ɗaya gefen ka ce duk tudun da ke ƙara tsayi yana hana musanyar. Duba wannan a kan [0,1]:

```
h_n(x) = n^(3/2)·x / (1 + n²x²)
```

Shi ma yana tafiya zuwa 0 a kowane x, shi ma yana da tudu a kan x = 1/n, tsayinsa √n/2, wanda ba shi da iyaka. Amma bi dabarar nan. Da t = nx, h_n(x) ya zama t^(3/2)/(1+t²) sau 1/√x, kuma kashin farko bai wuce 1 ba ko da wane t. Ga g ya fito: 1/√x, babu n a ciki, intagiral ɗinsa a kan [0,1] kuma 2 ne. Musanya ta halatta, amsar 0 ce. Za ka iya tabbatarwa da hannu: intagiral ɗin h_n shi ne ln(1+n²)/(2√n), wanda yake sauka zuwa 0, ko da yake a hankali yake sauka. Bambancin misalan biyu gaba ɗaya yana tsakanin 1/x da 1/√x.

Sauran ƙa'idojin zan taɓa su a taƙaice. Idan tazarar mai iyaka ce, [a,b], kuma mafi girman |f_n − f| a duk tazarar yana tafiya zuwa 0, musanya ta halatta, domin bambancin intagiral biyun bai wuce (b−a) sau wannan adadin ba. Naka bai cika wannan ba tunda n/e hawa yake yi. Lura da (b−a) ɗin nan da kyau: a kan [0,∞), fankishin da yake 1/n daga 0 zuwa n, sifili bayan nan, yana kusantar 0 bai ɗaya a ko'ina, amma intagiral ɗinsa 1 ne kullum. A nan tudun bajewa ya yi ya gudu dama. Sai ƙa'idar Beppo Levi ta 1906: idan f_n ba sa yin ƙasa da sifili kuma kowanne bai gaza wanda ya gabace shi ba, ba ka bukatar g sam. Naka ba haka yake ba, tunda a kan x = 0.1 ya hau sannan ya sauko. Abin da ya rage maka shi ne lemar Fatou, ita ma ta 1906, wadda ga fankishin marasa yin ƙasa da sifili take ba ka gefe guda kawai: intagiral ɗin limit ba zai wuce limit ɗin intagiral ba. A misalinka wannan shi ne 0 ≤ 1, kuma ta faɗi gaskiya.

Abu guda kuma da ya kamata ka sani don kada ka wuce gona da iri a amsarka: rashin g ba hujja ba ce cewa musanyar ta gaza. Akwai jerin da ba su da g amma limit biyun sun zo daidai, kuma ƙa'idar Vitali ce take bayyana su. Saboda haka idan ka nuna babu g, abin da za ka rubuta shi ne ƙa'idar Lebesgue ba ta shafi wannan jerin ba, sannan ka koma ka yi intagiral ɗin da hannu, kamar yadda muka yi da t = nx.

Kafin jarrabawar, ɗauki n^p·x·e^(−nx) a kan [0,1] ka gwada p = 1, p = 3/2, p = 2 da p = 3. A kowanne ka nemo mafi ƙanƙantar g, sannan ka yi intagiral ɗin kai tsaye ka kwatanta. Za ka ga g yana kama da x^(1−p), intagiral ɗin kuma yana kama da n^(p−2), don haka limit ɗin ya kamata ya ba ka 0 a biyun farko, 1 a na uku, a na huɗu kuma ya tafi ba iyaka. Allah ya ba da sa'a.