Kumburin kare a madubin likita: kitse ne, mugunya ko ƙari?

"An zuƙi kumburin karena da allura, likita ya duba ya ce kitse ne. Ta yaya ya sani, kuma in kwantar da hankalina?"

Kitse tun daga ido ake fara gane shi. Yana sheƙi a gilashin da ake shafa abin da aka zuƙo, ba ya bushewa. Idan aka tsoma gilashin a metanol kitsen kan narke, sai a ga ƙwayoyin halitta kaɗan, manya, cikinsu fayau, cibiyarsu a gefe. Matsalar ita ce kitsen ƙarƙashin fata ma haka yake, don haka allurar da ta kuskure kumburin za ta ba da wannan hoto.

Mugunya kuwa cike take da fararen ƙwayoyin jini irin niyutirofil, wani lokaci da bakteriya a cikinsu.

Abin tsoron shi ne ƙarin mas sel, wato ƙarin da ke tasowa daga wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, domin a hannu yakan yi laushi kamar kitse. A madubi ƙwayoyinsa zagayayyu ne, ɗaiɗai, cike da ɗigo-ɗigo ruwan shanshanbali har su rufe cibiya, galibi da wasu fararen ƙwayoyin jini, iyosinofil, a kusa. Rinin gaggawa irin Diff-Quik kan kasa fito da ɗigon, shi ya sa na fi yarda da rinin Giemsa.

Idan kumburin yana tashi yana saɓewa, ko ya yi ja bayan an taɓa, yana iya zama ƙarin mas sel, kada ka matsa shi. Koma a sake zuƙa daga wurare biyu ko uku, a aika wa masanin cututtukan dabbobi.