Na rubuta “biki”, sai manhaja ta zano min coci

Tambaya: Malam, katin gayyata nake haɗawa a Kano. Duk lokacin da na sa manhajar ƙirƙirar hoto ta zana min biki, sai ta kawo amarya cikin farar riga da ango cikin kwat. Likita kuma kullum Bature ne namiji. Da gangan ake yi mana haka?

Amsa: Malama, ba wanda ya zauna ya tsara miki wannan amaryar. Manhajar ta koyi ma’anar kalmomi ne daga hotunan intanet da ɗan rubutun da ke manne da kowanne. Stable Diffusion, alal misali, ta yi karatunta a rumbun LAION-5B na shekarar 2022, mai hotuna sama da biliyan 5 da aka kwaso daga shafuka ba tare da mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya fi yawa a ƙarƙashin kalma, shi ne ma’anarta a wurin manhajar.

To lura da yadda ake yi wa hotuna laƙabi. Mai ɗaukar hoto a Landan `wedding` kawai zai rubuta. Na Kano kuwa zai rubuta kamu, ko ɗaurin aure, ko ya ƙara da cewa bikin gargajiya ne, in ma ya rubuta wani abu ke nan, don yawancin hotunanmu a wayoyi suke yawo tsakanin dangi. Sai kalmar tsurarta ta zama ta farar riga, namu kuma sai an yi masa ƙarin bayani kafin ya fito.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajar ba ta tsaya ga kwaikwayon rinjayen ba, ƙara masa gishiri take yi. Kowane hoto daga ɗige-ɗige marasa siffa yake farawa, tana gyara shi mataki-mataki zuwa abin da ya fi kama da kalmar, kuma duk gurbin da kika bari sai ta cike shi da abin da ta fi gani. A 2023 kafar Bloomberg ta ƙirƙiri hotuna sama da 5,000 da Stable Diffusion. Mata kashi 7 cikin ɗari ne kacal a hotunan likita, alhali su ne kashi 39 na likitocin Amurka. Wato ko Amurkar ma ba ta zana ta daidai ba.

Ƙarin bayani yana taimakawa, amma a bi shi daki-daki. In kika rubuta `Nigerian wedding`, sau da yawa bikin Legas za ki samu, da manyan gwaggwaro da murjani, don masu ɗaukar hoton can sun fi cika intanet. In kika ambaci lalle, tana iya karkata zuwa amaryar Indiya. Saboda haka bar kiran sunan biki, faɗi abin da ido zai gani:

```
Hausa men in white embroidered babban riga and caps, seated on mats outside a mosque in Kano, morning, no women
```

Ki fitar da hotuna 20 da umarni guda, ki ƙirga nawa suka dace. Sannan ki sauya kalma ɗaya tak, ki sake ƙirgawa. Hoto ɗaya ba ya nuna komai. Ki sa ido kan hula, nan asirinta ya fi tonuwa: sai ki ga rawanin Larabawa a kan wanda kika ce ya sa zanna bukar. Kada ki yi mamaki kuma in ta cusa amarya kusa da ango a wurin ɗaurin aure, inda mu mun san maza ne da waliyyai, amarya tana gida.

Akwai inda bayanin ma ba ya ci. A 2023 wasu masu bincike suka nemi manhajar Midjourney ta zana likitoci baƙaƙe ’yan Afirka suna duba yara farare marasa lafiya. Sun gwada fiye da sau 300, amma yaran suka yi ta fitowa baƙaƙe, wani lokacin har da raƙumin dawa a gefe. Ta iya zana kowane ɓangare shi kaɗai, haɗin ne bai yi kama da abin da ta saba gani ba.

Kamfanonin sun gwada yin faci, suna ƙara kalmomin jinsi da launin fata a umarnin mutum a ɓoye. Wannan ya kai Gemini, manhajar Google, ga zana sojojin Jamus na 1943 baƙaƙe, har Google ya dakatar da zanen mutane a Fabrairun 2024.

Don aikin katinki, in manhajar tana karɓar hoton misali, ba ta hoton yadi da hula da lallen da kike so tare da rubutun. In hoton mutane ne, nemi izininsu tukuna.