Jini a Farkon Ciki: Wanne Ne Ɓari, Wanne Ne Ɗigo Kawai?

Salamun alaikum Likita. Cikina wata biyu ne da 'yan kwanaki. Tun daren jiya jini ke zubo min ja jawur, har da guda-guda, marata kuma tana murɗawa kamar zan yi al'ada amma ya fi haka zafi. Cikin ya zube ke nan? — Wata 'yar'uwa daga Gusau

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ki tafi asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Alamomin nan uku idan suka haɗu, an fi zargin ɓari, amma ni ko wani likita ba mai iya yanke hukunci daga nesa. Sai an duba bakin mahaifa an ga ko ya buɗe, sannan an yi sikanin.

Kafin ki isa, abin da ya fi muhimmanci shi ne ki san yawan jinin da kike zubarwa, domin shi ne zai nuna ko layin ganin likita za ki bi ko ɗakin gaggawa kai tsaye. Ki sa audugar mata, ki lura da agogo. Idan kina jiƙa auduga babba biyu sharkaf a cikin awa ɗaya, kuma hakan ya ci gaba har awa biyu a jere, wannan jini ya ɓalle. Haka nan idan gudajin da ke fita sun kai girman lemon tsami ko sun fi. Mai amfani da ƙunzugun tsumma, idan jini na ratsa shi yana ɓata zani da shimfiɗa ba da daɗewa da canzawa ba, ta ɗauka ta kai wannan matakin. Idan kuma kika ji jiri in kin miƙe, ko zuciyarki na bugawa da sauri, ko gumi mai sanyi ya karyo miki, ko idonki na ganin duhu-duhu, to jinin jikinki ya ragu sosai, a nemi mota ko da tsakar dare ne. Yawancin matanmu suna shiga ciki da ƙarancin jini tun asali, saboda haka zubar da wata za ta jure, wata kan kayar da ita.

Game da gudajin, ba kowane guda ne ɗa ba. Jini idan ya taru a cikin farji na ɗan lokaci, misali kina kwance, yakan daskare, sai ki tashi ki ga ya faɗo baƙi-baƙi, sulɓi, yana fashewa idan an taɓa. Wannan jini ne kawai. Abin da ke nuna cikin ne ya fita shi ne wani yanki mai launin toka-toka ko fari-fari, mai kama da tsoka, wani lokaci da 'yar jaka mai ruwa a ciki. Idan kin ga irin wannan, ki sa shi a leda mai tsabta ki tafi da shi, ko ki ɗauki hotonsa a waya. Kada ki ji kunya, yana taimaka mana ƙwarai. Idan kuwa abin da ya fito ƙananan ƙwayoyi ne masu ruwa a haɗe da juna, lallai ki nuna, domin akwai wani nau'in ciki da mabiyiya ke girma ba bisa ƙa'ida ba, kuma shi yana bukatar bibiya ta musamman bayan an wanke.

A asibiti abu uku za a iya samu. Ko bakin mahaifa a rufe, zuciyar ɗa na bugawa, cikin yana nan duk da jinin, kuma hakan na faruwa, musamman idan jini ne ya taru a bayan jakar cikin yana tsiyayowa. Ko cikin ya fita gaba ɗaya, jini da ciwo sun fara lafawa da kansu. Ko kuma ya fita amma wani abu ya saura. Na ukun nan shi ne ke hana jini tsayawa, domin mahaifa ba ta iya matsewa ta toshe jijiyoyinta matuƙar akwai saura a ciki. Maganinsa ƙwayar misoprostol a hannun ma'aikacin lafiya, ko wankin ciki da sirinji mai zuƙowa, aikin 'yan mintuna ne. Kada ki sayi ƙwayar nan a kemis ki sha da kanki. Idan cikin yana da rai za ki zubar da shi, idan kuma a wajen mahaifa yake ba abin da za ta yi sai ɓata lokaci.

Don ciwon, farasitamol ya isa kafin a duba ki. Ki ajiye su ibuprofen da diclofenac tukuna. Ki kuma tambaya a gwada rukunin jininki, idan mai nagetif ne likita zai duba ko kina bukatar allurar Anti-D don kare ciki na gaba.

Likita, ni sati shida ne da ganin al'adata ta ƙarshe, gwaji ya nuna ciki. Ina ganin ɗigon jini ruwan ƙasa a wando, ba ciwo ko kaɗan. Ya tsaya kwana ɗaya ya dawo. Hankalina ya tashi, cikin fari ne. — Amarya daga Maraɗi

Amarya, ki kwantar da hankalinki. Kusan mace ɗaya cikin huɗu na ganin jini a watanni ukun farko, kuma da yawansu sukan haihu lafiya lau. Launin ƙasa yana nufin tsohon jini ne da ya daɗe kafin ya fito. A wannan lokaci bakin mahaifa yana cika da ƙananan jijiyoyi, yana yin laushi, har saduwa da maigida kan sa ya ɗan yi jini. Sanyin mata ma kan jawo haka, musamman idan akwai ƙaiƙayi ko ruwa mai wari.

Duk da haka ki je a yi miki sikanin a cikin kwanakin nan, ba don ana tsoron ɓari kawai ba, sai don a tabbatar cikin yana cikin mahaifa. Akwai wani abu da nake so ki sani tun kafin ki je, domin ya sa mata da yawa kuka a banza. A sati shida, na'urar da ake ɗorawa a kan mara sau da yawa ba ta ganin bugun zuciya, sai ciki ya kai sati bakwai zuwa takwas. Wadda ake sakawa ta gaba ita ke gani da wuri, daga wajen sati shida. Ga kuma lissafi da kan yi kuskure, musamman ga wadda al'adarta ba ta da tsayayyen lokaci. Don haka idan an ce an ga jaka amma ba a ga ɗa ba, kada ki yarda a wanke miki ciki a ranar, matuƙar ba jini ne ya ɓalle ba. Ƙa'ida ita ce a sake dubawa bayan sati ɗaya zuwa biyu.

Idan ɗigon ya koma ja, ya fara cika auduga, ko ciwon mara ya shigo, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Likita, matata ta yi ɓatan wata ɗaya. Jinin da take gani kaɗan ne, baƙi, amma tana kukan ciwo a gefen mara na dama, yau har ta ce kafaɗarta na ciwo. Tunda jinin ba yawa, za mu iya jira zuwa ranar awo? — Wani magidanci daga Zariya

A'a Malam, kada ku jira. Ka ɗauke ta yanzu zuwa asibitin da ake tiyata kuma ake ƙarin jini, kada ta ci komai a hanya, ku tafi da wani ɗan'uwa da zai iya ba da jini. A cikin duk wasiƙun yau taka ce ta fi ba ni tsoro.

Abin da nake zargi shi ne ciki a wajen mahaifa, wato ƙwan ya maƙale a bututun da ke kai shi mahaifa ya fara girma a can. Yana samun ciki ɗaya zuwa biyu cikin ɗari, kuma yakan bayyana tsakanin sati shida da takwas. Bututun siriri ne, idan ya tsage jini cikin kogon ciki yake zuba, abin da ake gani a waje ɗan kaɗan ne. Ciwon kafaɗar nan ba na ɗaukar kaya ba ne. Jinin da ya taru a ciki ne ke taɓa tantanin da ke ƙarƙashin huhu, jijiyar wurin kuma tana kai saƙon ciwo zuwa kafaɗa.

An taɓa kawo mana wata mata mai 'ya'ya uku da irin wannan. Kwanaki tana ɗigon baƙin jini, an ba ta maganin gyambon ciki a kemis saboda ta ce ciki ke mata ciwo, ba wanda ya tambaye ta yaushe ta ga al'ada. Ta shiga bayan gida ta yanke jiki ta faɗi. Da ta iso tafin hannunta da cikin idonta fari fat, bugun jini na gudu, awon jini ya faɗi, ciki ya ɗaure ba ya taɓuwa, amma audugar da ke jikinta ko rabi ba ta jiƙe ba. Gwajin fitsari ya nuna ciki, sikanin ya nuna mahaifa wayam, ga jini kwance a bayanta. Aka shiga da ita tiyata, aka cire bututun da ya fashe, aka yi mata ƙarin jini. Ta tashi, kuma da ɗayan bututun mace na iya sake ɗaukar ciki.

Likita, na yi ɓari a gida sati biyu da suka wuce, amma gwaji har yanzu yana nuna ciki. Surukata ta ce cikin kwanciya ya yi, kuma wai daka da ɗiban ruwa ne suka jawo. Ta kawo min jiƙo. — Maman biyu daga Kano

Sannu Maman biyu, Allah ya mayar da alheri. Sinadarin da gwajin ke ganowa ba ya barin jiki rana ɗaya, yakan ɗauki makonni yana raguwa. Ki sake gwadawa idan an cika sati uku, in har yanzu layi biyu ne, a yi sikanin. Amma idan jini bai tsaya ba, ko yana wari, ko akwai zazzaɓi da ciwon mara, yau za ki je, domin alamar saura ce da ta fara ruɓewa. Abin da ake kira kwanciyar ciki, idan muka duba sau da yawa ɗa ne da ya rasu bai fita ba, ko kuma babu cikin ma. Ki ajiye jiƙon, kuma kada ki cusa komai a gaba.

Ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa aikin gida ba ya zubar da lafiyayyen ciki. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga matsalar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne tun ranar da aka ɗauke shi, kuma ko kwanciya kika yi a gado ba ta hana shi. Abin da ake iya magancewa shi ne irin su zazzaɓin cizon sauro da ciwon suga, sai a gwada ki. Ki sha maganin ƙarin jini da folik asid. Ki sani kuma ƙwai na iya sauka sati biyu kacal bayan ɓari, tun kafin ki ga al'ada, don haka idan kuna son hutu, ku nemi tsarin tazarar haihuwa tun a wannan zuwan.