Kwas guda a shafi guda: me zan rubuta, me zan bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji ɗaya a jami'a, saura kwana goma mu rubuta jarrabawar CHM 101, handawut ɗin kuma ya kai shafi 120. Ina so in taƙaita shi a shafi ɗaya don in duba a daren jarrabawa, amma duk sanda na fara sai in ga komai muhimmi ne. Ƙawata ta ce in sayi wanda ake sayarwa a shagon fotokwafi, wai da shi 'yan bara suka ci. Wallahi tsoron maimaita kwas ya hana ni barci.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yata, kwana goma sun isa, muddin yau za ki fara.

Abin da ya sa komai yake zame miki muhimmi shi ne kina rubutun ne handawut yana buɗe a gabanki. Rufe shi. Nemo tambayoyin jarrabawar kwas ɗin na shekara uku ko huɗu da suka wuce, ki ƙirga sau nawa kowane babi ya fito. Da wannan ƙirgen za ki raba farar takardarki gida-gida. Idan lissafin mol da dokokin iskar gas da asid suna fitowa duk shekara, su ne masu manyan gidaje, tarihin gano ƙwayar zarra kuwa layi biyu sun ishe shi. Daga nan ki cike kowane gida da fensir, daga abin da ke kanki kawai. Sai kin gama sannan ki buɗe handawut ki gyara da jan biro. Duk inda jan biro ya taɓa, nan ne rauninki, shi ya cancanci zama a shafin ƙarshe. Abin da kika rubuto daidai ba tare da kin duba ba, goge shi, ai kin san shi.

Bari mu ɗauki babin iskar gas. A handawut za ki tarar da dokar Boyle da ta Charles da ta Avogadro, kowacce da shafukanta. A takardarki dukkansu layi ɗaya ne, domin daga uwa ɗaya suka fito:

```
PV = nRT
T = °C + 273
R = 8.314 (Pa, m³)   R = 0.0821 (atm, L)
```

Idan zafi bai canza ba, kin samu Boyle. Idan matsi ne bai canza ba, Charles ke nan. Layi na biyu da na uku su ne tarkon, kuma tarkon ya fi dokar muhimmanci, don a nan maki yake zubewa. A ce gas mai cikar lita 2 an ɗaga zafinsa daga digiri 27 zuwa 54, matsi bai canza ba. Duk shekara sai na yi makin takardun da suka ce lita 4, wai ai zafi ya ninka. Bai ninka ba. Daga 300 ne ya koma 327 a ma'aunin Kelvin, don haka amsar lita 2.18 ce. To a gefen dokar ki rubuta "27 zuwa 54 ba ninki ba ne". Wannan 'yar jimla za ta tuna miki lissafin gaba ɗaya. Haka za ki bi kowane gida: dokar, sharaɗin amfani da ita, sai kuskuren da ke da kanki kika taɓa yi a kanta.

Yanzu maganar ƙawarki, wadda ita ce ta fi damuna. Da zarar jarrabawa ta matso sai ka ga shagunan fotokwafi sun cika da waɗannan takardu, rubutu ƙanana kamar tafiyar kiyashi, ga masu tutoriyal na dare suna rantsuwa cewa abin da zai fito ke nan. Wa ya gaya musu? Ni da nake tsara tambayoyin ban ba kowa ba. Na taɓa karɓar irin wannan takarda daga hannun wani ɗalibina, na tarar an rubuta R = 0.821, sifili ɗaya ya ɓace a hannun wanda ya fara kwafa, aka yi ta buga ta ana sayarwa a haka. Duk wanda ya yi lissafi da ita amsarsa ta kauce da ninki goma. Mai shago ya karɓi kuɗinsa, ba shi zai maimaita kwas ba.

Amma ko da babu kuskure ko ɗaya a cikinta, ba za ta yi miki aiki ba, nan ne kuma ɗalibai suka kasa ganewa. Amfanin shafin yana cikin wahalar haɗa shi. Wanda ya rubuta ta ya yi gumin tunowa da zaɓe da watsarwa, shi ya sa kalma uku suke buɗe masa babi guda. Ke kuwa kalma uku ne kawai a wurinki. Za ki karanta sau biyar, idonki ya saba da ita, ki ji kamar kin iya. Sabon ido daban, iyawa daban. A ɗakin jarrabawa za ki tuna cewa dokar tana ƙasan shafi ta hannun dama, har da kalar biron, amma ita kanta ta ƙi zuwa. A shekarar 2006 masana biyu, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan a kan ɗaliban jami'a a Amurka. Wasu sun yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta a zama ɗaya suka yi ta ƙoƙarin rubuto shi da ka. Bayan minti biyar masu maimaitawar ne a gaba, kuma su suka fi yarda da kansu. Bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu rubutowa da ka suka tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Wannan yarda da kai ta banza ita ake sayar muku a shagon. Haka ma wanda ya zauna ya kwashe handawut duka da ƙananan haruffa ya cusa a shafi ɗaya, bai taƙaita komai ba, fotokwafi ya yi da hannu. Idan sai kin ƙanƙance ido kafin ki karanta takardarki, ba ki gama zubar da abin da ya kamata ki zubar ba.

Ki kuma bar ta a ɗakin kwananki ranar jarrabawa. Idan aka same ta a jikinki ko cikin hijabinki, ko ba ki duba ba, satar amsa za a rubuta, kuma kwamitin ladabtarwa ba ya sauraron "mantawa na yi".

Kwanakinki kuwa, ki ba cike gidaje da gyara kwana shida, babi ɗaya ko biyu a rana. Kwana biyu ki amsa tsofaffin tambayoyi da takardar kaɗai a gefenki. Inda ta kasa fitar da ke, akwai abin da ta rasa, ki ƙara, abin da ba ki waiwaya ko sau ɗaya ba kuma ki cire. Rana ta tara ki sake rubuta ta da kyau. A daren jarrabawa bayan isha'i ki karanta ta sau ɗaya, ki kife ta, ki rubuto ta a wata takardar, ki gwada su. Abin da ya faɗi ki sa masa alama, ki kwanta kafin sha ɗaya. Bayan asuba ki duba masu alamar kaɗai, sannan ki tabbatar kalkuletarki tana aiki.