Ƙanina mai sikila gabansa na miƙewa da ciwo, ya ƙi kwanciya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ɗan shekara 17 yana da sikila. Kwanan nan yakan farka cikin dare gabansa a miƙe da ciwo, wani lokaci awa ɗaya ko biyu kafin ya kwanta. Shekaranjiya tun ƙarfe 3 na dare sai bayan hantsi ya sauka. Wasu sun ce balaga ce a yi masa aure, wani ya ce a riƙa sa masa ƙanƙara. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma Allah ya saka maka da ka fito ka tambaya. Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe a ɗakin gaggawa, kuma wannan larura na sha ganinta. Likitoci na kiranta firayafizim. Ba sha'awa ba ce, aure ba ya maganinta, kuma don Allah kada a sa ƙanƙara, domin sanyi yana daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila.

A cikin gaban namiji akwai tsoka biyu masu kama da soso, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Idan jini ya cika su sai gaba ya miƙe, idan jinin ya fita ta jijiyoyi sai ya kwanta. A wannan larura jinin yana shiga ya maƙale, sabo ba ya shiga, tsohon ba ya fita. Iskar oksijin da ke cikinsa takan ƙare, ya yi baƙi ya yi kauri, tsokar kuma ta fara shaƙewa. Ga mai sikila abin ya fi muni, saboda ƙwayoyin jininsa suna lanƙwashewa ne daidai lokacin da oksijin ya yi ƙaranci, sai su ƙara toshe hanyar fita. Ban da haka, yawan fashewar ƙwayoyin jininsu yana cinye wani sinadari da jiki ke amfani da shi wajen buɗewa da tsukewar jijiyoyi, shi ya sa abin ke yawan dawo musu. Bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na maza masu sikila yakan gamu da shi, kuma galibi yana farawa kafin shekara 20. Har yara ƙanana yana kamawa.

Likitoci na cewa idan gaba ya kai awa 4 a miƙe bai sauka ba abin ya zama na gaggawa, domin daga nan tsokar ke fara cutuwa. Idan aka kai awa 24 ɓarnar ta yi nisa. Idan aka wuce awa 36, mafi yawan masu larurar ba sa dawo da ƙarfin gabansu, domin tsokar takan mutu ta zama tabo mai tauri, kuma tabo ba ya komawa tsoka. Saboda haka abin da ya faru shekaranjiya ya riga ya tsallake iyaka. Ko da ya sauka da kansa, ku kai shi wurin likitansa na sikila cikin wannan makon, a faɗi komai a fili, a nemi a haɗa shi da likitan mafitsara. Waɗancan gajerun na awa ɗaya ko biyu su ne gargaɗi, sau da yawa su ke zuwa kafin babban.

Akwai wani saurayi mai sikila nau'in SS da aka taɓa kawo mana, bai kai ashirin ba. Abin ya kama shi kafin asuba, ya rufe ɗaki ya ce wa mahaifiyarsa ciwon mara yake yi. Aka ba shi maganin ciwo, aka jiƙa masa na gargajiya, sai da daddare da fitsari ya fara yi masa wuya ya gaya wa abokinsa. Lokacin da suka iso an kusa awa 20. Da likita ya duba, jikin gaban ya yi tauri kamar itace, amma kansa da laushi, kuma ko taɓawa ba ya so a yi. Wannan ita ce alamar nau'in da jini ya maƙale. Aka sa masa ƙarin ruwa da maganin ciwo mai ƙarfi, aka yi allurar kashe zafi a gindin gaban, sannan aka soka allura ta gefe aka fara zuƙe jinin da sirinji. Na farko ya fito baƙi ƙirin da kauri. Aka riƙa wankewa da ruwan gishiri na asibiti ana zuƙewa har jinin ya fara fitowa ja. Sai aka sa maganin tsuke jijiya kaɗan-kaɗan, duk bayan minti 3 zuwa 5, muna auna hawan jininsa da bugun zuciya, domin maganin yana iya ɗaga su. Fenilefrin ake fi so, inda babu shi akan tsarma adiranalin. Cikin ikon Allah ya sauka ba a kai ga tiyata ba. Da bai sauka ba bayan kamar awa ɗaya ana wannan, sai a shiga da shi tiyata a buɗe wa jinin ƙaramar hanyar fita ta kan gaban.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da aka zauna da shi, ya ce ya yi watanni yana samun gajerun da dare, bai gaya wa kowa ba. Yana tsoron a ce ya lalace. Shi ya sa nake roƙonka, kai da ya amince da kai, ka zaunar da shi ka gaya masa cewa wannan reshe ne na sikila, kamar yadda ciwon ƙashi yake, ba laifinsa ba ne. Ku yi alkawari cewa ko ƙarfe nawa ne zai tashe ka.

Idan ya sake tasowa, abu na farko ku duba agogo ku riƙe lokacin. Idan farkawa ya yi ya gan shi haka, ku ɗauka ya riga ya jima. Ya sha ruwa sosai, ya yi fitsari, ya tashi ya yi tafiya ko ɗan motsa jiki, ya yi wanka da ruwan ɗumi, ya sha maganin ciwon da likitansa ya saba rubuta masa. Ni shawarata ga mai sikila, idan an kai awa 2 bai sauka ba ku kama hanya, kada ku jira huɗun ta cika a gida, don neman abin hawa da dare da buɗe kati ma suna cin lokaci. Ku nufi babban asibitin da ke da likitocin tiyata, ba kemis ba. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Zariya akwai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Da isarku ku faɗa kai tsaye: yana da sikila, gabansa ya miƙe tun ƙarfe kaza. Idan kuka ce ciwon mara kawai, za a iya barinku a layi. Sannan ku sani ƙarin ruwa ko ƙarin jini kaɗai ba su isa ba idan an wuce awa 4, dole a zuƙe jinin. Idan aka sa masa ruwa aka ce a jira safiya alhali bai sauka ba, ku tambaya cikin ladabi ko an kira likitan mafitsara.

Batun hana dawowa kuwa, likita na iya ɗora shi a kan maganin sikila mai suna haidiroksiyuriya idan ba ya sha, akwai kuma magungunan da ake bayarwa a sha kafin barci. Wannan duk aikin likita ne, kada a saya a kemis bisa jin labari. A gida ya kula da shan ruwa, musamman lokacin zafi, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a yi saurin magance zazzaɓi, kuma ya nisanci maganin ƙarfin maza kowane iri, na Bature ko na gargajiya. Ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da abin ya zo, ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya sauka, ku tafi da shi ranar ganin likita.