Tambayoyi da Amsoshin Likita: Ruwan Wankan Jarirai da Ƙunar Ruwan Hita

"Likita, jaririna makonsa uku, kuma kakarsa da ke yi masa wanka ta fi son ruwa mai zafi sosai, wai don jikinsa ya yi ƙwari. Wane zafi ne ya dace?" Wata mai jego daga Zariya.

Malama, barka da arziki. Ruwan da ya dace shi ne mai ɗumin digiri 37 zuwa 38, wato daidai da ɗumin jikin mutum. Fatar jariri ba ta kai ta babba kauri ba, saboda haka ruwan da kakarsa za ta ji daidai a tafin hannunta, wanda ya saba da sauke tukunya daga murhu, yana iya ƙona shi. Idan babu ma'aunin zafi a gidan, a tsoma gwiwar hannu. In aka ji ruwan ba zafi ba sanyi, to ya yi. A fara zuba ruwan sanyi a baho, sannan a surka da na zafi, a dama sosai kafin a gwada, kuma kada a ƙara ruwan zafi alhali yaro yana ciki. Zafin ruwa ba ya ƙara wa ƙashi ko tsoka ƙwari, sai dai ki faɗa wa kakar tasa haka cikin ladabi, domin niyyarta mai kyau ce.

"Na sa hita a banɗakinmu, ruwan famfon har tururi yake yi, ga shi muna da jaririya da yayanta ɗan shekara biyu. In rage zafin ne?" Wani magidanci daga Kaduna.

Malam, ka rage, kuma tun yau. Abin da ke sa ƙuna ta yi zurfi shi ne zafin ruwa da kuma daɗewarsa a kan fata. Ruwa mai digiri 60 yana iya yi wa babba mummunar ƙuna cikin kusan daƙiƙa biyar, ƙaramin yaro kuwa cikin daƙiƙa ɗaya tak, alhali a digiri 49 sai an ɗauki mintoci kafin a kai ga haka. Wannan tazarar ce ta sa likitocin yara a Amurka suke ba da shawarar kada ruwan famfon gida ya wuce digiri 49.

Ni ɗan shekara biyun nan ya fi damuna, domin shi ne hannunsa ke kai wa ga famfo. Uwa ta zaunar da shi a baho ta juya ɗauko tawul, ya murɗa kan famfon zafi, ruwan ya zubo masa a cinya, kuma bai san ya ja da baya ko ya kashe ba. Kafin ta juyo fata ta riga ta saluɓe.

Kada ka dogara da lambobin da ke jikin hitar, domin sau da yawa ba su yin daidai da abin da ke fitowa. Ka buɗe famfon zafi shi kaɗai na minti biyu, ka tara a kofi, ka tsoma ma'aunin zafin girki. In ya nuna 65, alal misali, ka rage maɓallin, ka jira zuwa washegari ka sake aunawa. Sai dai akwai wani hanzari: hita mai tanki, idan ruwa ya daɗe a cikinta yana ɗumi-ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, wata ƙwayar cuta mai haddasa ciwon huhu tana iya hayayyafa a ciki. Shi ya sa hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a bar tankin a digiri 60, a kira mai gyaran famfo ya sa bawul mai surka ruwan zafi da na sanyi da kansa kafin ya iso bakin famfo. Ko da an yi haka, digiri 49 bai zama ruwan wankan jaririya ba. Dole a surka a gwada.

"Ruwan zafi ya taɓa zubo wa jikana, muka shafa masa makilin da ɗanyen ƙwai. Daidai ne?" Wata kaka daga Maradi.

Hajiya, a daina. Makilin da ƙwai da manja ba su fitar da zafin da ya shiga fata, kuma suna iya sa ciwon ya ruɓe. A cire rigar da ta jiƙe nan take, in dai ba ta manne da fata ba, a kwarara ruwan sanyi na famfo ko na randa a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba, a kuma lulluɓe sauran jikin yaron don kada sanyi ya kama shi. Kada a fasa bororon da ya tashi. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta marar gashi, a kai jariri asibiti komai ƙanƙantar ƙunar, musamman in ta shafi fuska, hannu, ƙafa ko al'aura. Wurin da ya yi fari kuma yaron bai jin zafinsa, alama ce ta ƙuna mai zurfi, ba ta sauƙi ba.