Me zan rubuta wa yaran shagona a kan VPN ɗin da aka sa musu a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa a Kantin Kwari da kuma sito a wata unguwa, yarana shida. Mai gyara mana kwamfuta ya haɗa mana WireGuard, wani nau'in VPN, wato kullalliyar hanya daga waya zuwa na'urar shago, don su riƙa duba lissafin kaya daga wayoyinsu. Yanzu biyu sun ƙi sawa, wai zan riƙa karanta WhatsApp ɗinsu. Ɗaya kuma ya ce shi yana da VPN na kyauta tun tuni, ba ya buƙatar nawa. Ina so in rubuta musu sanarwa amma ina tsoron ko in takura su ko in bar ƙofa a buɗe. Me zan sa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Masu tsoron leƙen asiri maganarsu mai sauƙi ce, bari mu sallame su tukuna. Saƙon WhatsApp a kulle yake tun daga wayar mai turawa har ta mai karɓa, VPN ba ya buɗe shi. Amma tsoronsu ba shirme ba ne gaba ɗaya, domin ya danganta da layi guda a saitin da aka ba su. Ki sa mai gyaranki ya nuna miki. Idan an rubuta `AllowedIPs = 0.0.0.0/0`, duk abin da wayar ta yi a intanet zai bi ta shagonki, kuma wanda ke riƙe da na'urar shagon zai iya ganin sunayen shafukan da aka shiga ko da bai ga abin da ke ciki ba. Ba ki da buƙatar wannan a wayar da ba ke kika saya ba. A mayar da shi adireshin na'urorin shago kaɗai, kamar haka:

```
AllowedIPs = 192.168.1.0/24
```

A kuma cire layin `DNS` in ba dole ba. Daga nan lissafin kaya ne kawai zai bi ta VPN, sauran harkokinsu su bi layinsu na MTN ko Airtel kamar kullum. Sai ki faɗa musu haka a rubuce, su buɗe manhajar su gani da idonsu.

Yaronki na uku shi ne ya dame ni, don irin maganarsa nake ji kusan kowace rana. Tun da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutanenmu suka san VPN a matsayin wata manhaja da ake saukewa kyauta a danna maɓalli, shi ke nan an tsallake shinge. Masu "data kyauta" na bakin kasuwa suka ƙara dagula lissafin, suna karɓar ɗari biyar su zuba wa mutum fayil ɗin da su kansu ba su san wanda ya haɗa shi ba. Sai aka wayi gari kowa na ɗaukar VPN kamar layar tsari: in dai alamar mabuɗi ta fito a saman waya, an tsira. Ba haka ba ne. Na kyautan nan hanya ce da ke kai zirga-zirgar wayarka gidan wani baƙo da ba ka san shi ba, kuma wanda yake biyan kuɗin na'urori bai karɓi ko sisi a hannunka ba, ai da wani abin yake fanshewa. A 2016 masu bincike sun gwada manhajojin VPN 283 na Android, suka tarar kashi 18 cikin ɗari ba sa ma kulle bayanan da ke bi ta cikinsu. Naki kuwa ƙofa ce ta shiga shagonki. Sunansu ne kawai ɗaya. Na yaronki ba zai taɓa kai shi ga lissafin kayanki ba, kuma Android ba ta barin VPN biyu su yi aiki lokaci guda: yana kunna nasa, naki ya mutu, sai ya zo yana cewa na'urar Hajiya ta lalace.

Inda wannan fahimtar take yin ɓarna sosai shi ne wajen rabawa. Wanda ya ɗauki VPN manhaja ce ta kyauta ba ya jin komai don ya tura wa abokinsa ta Xender. To hoton QR ɗin da aka ba kowane yaro, ko fayil ɗin `.conf`, mabuɗin shagon ne a ciki. WireGuard ba ya tambayar suna ko lambar sirri, duk wanda ke da fayil ɗin ya shiga.

An taɓa kirana wani shago da ake kukan VPN na yankewa, suna ta zagin kamfanin layi. Na buga `wg show` a na'urarsu, sai na ga mutum ɗaya tal aka yi wa rajista alhali ma'aikata huɗu ne, kuma layin `endpoint`, mai nuna adireshin da waya ke shigowa daga gare shi, yana tsalle tsakanin adireshi daban-daban cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya haɗa musu, don ganda, mabuɗi ɗaya ya yanka ya jefa a zauren WhatsApp na shagon. Wayoyin suna ƙwace hanya a hannun juna, shi ne yankewar. Abin da ya fi muni, har da wani da aka sallama wata uku baya a cikin zauren. Ba yadda za a cire shi ba tare da an cire kowa ba, sai da muka sake yanka wa kowa nasa. Don haka kafin ki liƙa takarda, ki tabbata yara shida mabuɗi shida ne, kowanne da sunan mai shi. In mai gyaranki ya ce wahala ce, aikin minti biyu ne a kan kowane mutum, kada ki yarda.

Ga yadda zan rubuta sanarwar in ni ne:

"Zuwa ga ma'aikata duka. An ba kowa mabuɗinsa na VPN don duba lissafin shago kawai. Abin da nake iya gani shi ne lokacin da wayarka ta haɗu da shago, da yawan datar da ta bi, da abin da ka yi a cikin manhajar lissafi. Ba na ganin saƙonninka ko hotunanka ko shafukan da kake shiga. Kada ka tura hoton QR ko fayil ɗin ga kowa, ko da abokin aiki ne, kuma ka goge shi da zarar an gama sawa. Wayar da ke ɗauke da shi dole ta kasance da lambar sirri ko yatsa. Ba a haɗa shi da VPN na kyauta a waya ɗaya. In wayarka ta ɓata, ko aka sace, ko za ka kai ta gyara ko sayarwa, ka kira ni nan take ko da tsakar dare ne, ba wanda za a ci tararsa don ya faɗa. Ranar da mutum ya bar aiki za a soke mabuɗinsa."

Maganar tarar nan kada ki cire ta. Yaron da ke tsoron za a zaftare masa albashi zai ɓoye ɓatan waya kwana uku yana fatan ta dawo, alhali soke mabuɗin umarni ɗaya ne, `wg set wg0 peer` da `PublicKey` ɗinsa da `remove` a na'urar shago, sannan a goge shi daga fayil ɗin saiti don kada ya dawo in an sake kunna na'urar.

Wanda kuma ya ce shi ba zai rabu da na kyautansa ba, ko ba ya son komai na aiki a wayarsa, kada ki tilasta masa, wayarsa ce. Ki saya wa shago ƙaramar waya ɗaya da za ta riƙa kwana a aljihun tebur, ya riƙa duba lissafi da ita.